Mahaifin aminina ya rasu ban kira shi ba, yanzu ya ce na manta da shi

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Aboabo ne a Kumasi, yanzu ina Konya a ƙasar Turkiyya. Na samu tallafin karatu na gwamnatinsu, ina cikin shekarar koyon harshe. Ina da amini tun muna makarantar allo. Tare muka nemi gurbin nan, ni na samu, shi bai samu ba, yanzu yana gyaran waya a kasuwar Kejetiya. Farkon zuwana kullum muna magana, daga baya abin ya ja baya, na kuma canja lamba. Wata guda da ya wuce mahaifinsa ya rasu ina tsakiyar jarrabawa. Na rubuta "Allah ya jiƙan Baba" a gurup ɗin bes ɗinmu, wato majalisar da muke zaman hira, na ce a raina zan kira idan na gama, amma ban kira ba don ban san abin da zan ce ba. Sai ya turo mini wannan, yana kira na Boga, sunan da muke kiran wanda ya tafi ƙasar waje: "Boga, mun ga hotunan ƙanƙara. Allah ya ƙara ɗaukaka. Mu dai an manta da mu." Yau kwana goma ina rubuta amsa ina gogewa. Wallahi ban manta da shi ba. Me zan ce masa? Ko in fara tura masa ɗan kuɗi ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya?

Ɗanku daga Aboabo

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Allah ya jiƙan wannan dattijo, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri.

Kada ka tura kuɗin nan yanzu, kuma kada ka kwana yau ba ka aika masa da muryarka ba. Wanda ya gama da kai ba ya ɗaukar waya ya rubuto maka gori. Shiru yake yi, ya goge lambarka, ya ci gaba da harkarsa. Wannan yaro ya rubuto ne don har yanzu yana jiran ka, kuma kowace rana da ta ƙaru a kan shirunka tana tabbatar masa da abin da yake tsoro. Ka san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, kuma mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama. Na san ba gaba kake yi da shi ba, kunya ce ta riƙe ka. To amma shi daga Kumasi ba ya iya bambance shirun kunya da shirun gaba.

Ka zauna a kan bencinsa na Kejetiya ka dubi abin da yake gani. Ba ya ganin littafin Turkanci da kake kwana a kansa, ba ya ganin malamar da ke jiran ka kai matakin C1 na iya harshen kafin a bar ka ka shiga ajin digiri, ba ya jin sanyin da ke hana ka fita. Abin da wayarsa ke nuna masa kawai yake gani. Ta nuna masa alamar shuɗin nan guda biyu, wato ka karanta. Ta nuna masa kana kan layi da dare. Ta nuna masa hotonka cikin rigar sanyi kana dariya a sitatus. Mutumin da sana'arsa waya ce ya fi kowa iya karanta waɗannan alamomi, kuma duk abin da suka gaya masa gaskiya ne. Sauran rabin labarin, wanda zai wanke ka, yana wurinka ba ka aika ba.

Amma ciwon da ya fi duka shi ne na rasuwar, kuma a nan nake so mu daɗe. Kai ɗan Zango ne, ka san yadda gidan rasuwa yake. Kafin a dawo daga maƙabarta an kafa rumfa, an jera kujeru, mata sun cika cikin gida, maza suna shigowa layi-layi suna miƙa hannu. Wanda ya taɓa sayen goro a wurin mamacin ya zo. Wanda suka yi rigima da shi shekarun baya ya zo. Na Tamale da na Nima sun bugo waya. A cikin wannan taro ɗan mamaci yana lura da fuskokin da babu, ko bai so ba. Kuma na tabbata an tambaye shi, ko mahaifiyarsa ko 'yan bes ɗinku: "Abokinka na Turkiyya ya kira kuwa?" Ka yi tunanin abin da ya amsa. Ko dai ya rufa maka asiri ya ce ka kira, ko ya sunkuyar da kai. Ta'aziyya a gurup haƙƙin wanda aka sani sama-sama ne, kuma ba laifi ba ce daga irinsa. Kai kuwa ka ci tuwo a gidan nan, marigayin ya aike ka, wataƙila har ya taɓa yi maka faɗa kamar ɗansa. Layi ɗaya a cikin layuka da yawa ya sauke ka daga matsayin ɗan gida zuwa matsayin ɗan unguwa, kuma hakan ya faru a gaban mutane. Wannan shi ne laifin da saƙonka zai ambata da sunansa. Raguwar hira da canjin lamba duk ƙanana ne, da su kaɗai ne da wasa zai yi maka ya wuce.

Akwai kuma abin da ke ƙasa, wanda ba zai taɓa furtawa ba. Tare kuka cike takarda ɗaya, aka ɗauki ɗaya aka bar ɗaya. Ban ce yana maka hassada ba, don mai hassada ba ya ce maka an manta da shi. Sai dai tun ranar da ka hau jirgi, duk jinkirin da ka yi wajen amsa masa yana iya fassara shi da cewa ka wuce ajinsa. Ka riƙe wannan a zuciyarka don ya tausasa harshenka, amma kada ka sa shi a cikin saƙo. Idan ka ce masa "na san abin ya yi maka zafi da ba ka samu ba", ka buɗe wani ciwo kafin ka rufe na farko.

Yanzu saƙon kansa. Ka yi shi da murya, kada ka rubuta. Rubutu za ka yi ta gyara shi har ya fita tsaf kamar takardar ofis, shi kuma ya karanta shi da irin sautin da ɓacin ransa ya zaɓa. Murya kuwa ba ta ɓoye rawar da take yi. Kuma kada ka fara da kira kai tsaye. Idan kira ya same shi da rana, yana tsakiyar hayaniyar kasuwa, ga kwastoma a tsaye, ga maƙwabtan shago suna ji, dole ya ce maka "ba komai, ba komai" ya kashe, kai kuma ka ɗauka an gama. Saƙon murya zai ajiye shi har ya samu wuri shi kaɗai, ya saurara sau nawa ya ga dama, ya amsa lokacin da zuciyarsa ta sauka. Kada ya wuce minti biyu. Ga irin abin da nake so ka faɗa, ka sa shi cikin Hausarku ta gida, yadda kuke magana a bes:

"Assalamu alaikum, ɗan'uwana. Na ga saƙonka tun ranar da ka turo, kunya ce ta hana ni amsawa. Allah ya jiƙan Baba, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Ban manta yadda yake tsayar da mu a ƙofar gida bayan Asuba ya ce sai mun biya masa allonmu kafin mu tafi ba. Baba ya rasu ban kira ka ba, ban kira Mma ba, na rubuta layi ɗaya a gurup kamar baƙo. Na yi laifi, kuma kana da gaskiya da ka ji haushina. Ka yafe mini don Allah. Ina so in ji muryarka, ka faɗa mini ranar da kake da sarari in kira. Kuma ka turo mini lambar Mma, ina so in yi mata ta'aziyya da bakina."

Maganar allon nan misali ce na ba ka, ka sa abin da ya faru da gaske tsakaninku da marigayin. Amma kada ka cire wannan gurbin. Wanda ya rasa uba ya ji "Allah ya jiƙansa" har ba ya iya ƙirgawa. Abin da bai ji sosai ba shi ne wani ya tuno masa da uban nasa yana raye, da wani abu da su kaɗai suka sani. Wannan ne zai shaida masa ba ka manta ba, fiye da duk rantsuwar da za ka yi.

Ka lura babu jarrabawa a cikin saƙon, babu sanyi, babu lamba. Na san abin zai yi maka ƙaiƙayi, don uzurinka na gaskiya ne. To amma da zarar ka ce "na yi laifi, amma ka san karatun nan", abin da ke bayan "amma" shi kaɗai zai ji, kuma zai ce a ransa wanda ya samu lokacin ɗora hoto bai rasa lokacin kira ba. Ba ka da amsar wannan, don haka kada ka jawo ta. Haka nan kada ka ce "idan na ɓata maka rai", tunda ka san ka ɓata. Kada kuma ka ce "ai kai ma ka daina nema na". Ko da gaskiya ne, shi ne aka yi wa rasuwa. Uzurinka yana da ranarsa, kuma sau da yawa shi da kansa zai tambaye ka bayan kun shirya, ya ce wai me ya same ka. A lokacin zai saurara da kunnen aboki.

Tambayar da na sa a ƙarshe, ta lambar mahaifiyarsa, da gangan na sa ta. Mutumin da ke fushi yana iya kasa cewa "na yafe" a rana ɗaya, amma turo lamba ba shi da nauyi. Ka ba shi ƙaramar ƙofa da zai iya amsa maka ba tare da ya ji ya sauko da sauri ba. Ko da kana iya samun lambar daga gidanku, ka nema a wurinsa.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kai kuma ƙafarka tana Konya. Amma kana da ƙafafu a Aboabo. Bisa lissafinka, addu'ar arba'in ta kusa. Ka kira mahaifiyarka ka gaya mata gaskiyar abin da ya faru, ka roƙe ta ta je gidan ta ce kai ka aiko ta. Ka sa ƙanenka ya je da wuri ranar addu'ar, ya kama jera kujeru da rabon abinci, ya tsaya har a tashi. A nan ne kuɗinka yake da wurin shiga. Ɗan abin da ka iya tsakurowa daga alawus ɗinka ka tura wa mahaifiyarka, ta kai wa uwar abokinka a matsayin gudummawar sadaka, yadda kowane gida na kusa ke yi. Wannan al'ada ce, ba wanda zai ga wani abu a ciki sai mutunci. Amma kuɗin da ya faɗo wayarsa ta MoMo kafin ya ji muryarka, kamar wanda ya taka ka ne a kasuwa, maimakon ya ce yi haƙuri sai ya miƙo maka kuɗin mota. Zai ƙara tabbatar masa da cewa ka zama bogan da ya kira ka. Yana iya dawo maka da shi, daga nan kuma gyaran ya ninka wuya.

Idan Allah ya sa ya amsa kuka yi magana, kada daɗi ya ɗebe ka ka ce daga yau kullum za ka kira. Irin wannan alkawarin ne ya karye tun farko, kuma karyewa ta biyu ta fi ta farko ciwo. Ku tsayar da lokaci ɗaya wanda za ku iya riƙewa. Turkiyya tana gaban Gana da awa uku, kuma tun 2016 ba sa juya agogo, don haka tazarar ba ta canjawa rani da hunturu. Lokacin da ya fi sakewa shi ne bayan Isha'i, wajen ƙarfe 8 na dare a Kumasi, an ɗora ataya. A wurinka ƙarfe 11 ke nan, ga aji da safe. Lokacin da kai ka fito daga aji kake marmarin hira, shi tsakar rana ce, kasuwa ta cika. Ina zaton wannan saɓanin ya ci rabin hirarku ba tare da ɗayanku ya lura ba. Lahadi ce ta fi dacewa, tunda ba ka da aji, kasuwa kuma ta yi sauƙi. Sai dai ka san Lahadi a Zango ranar ɗaurin aure da addu'o'i ce, safiyarta ba ta mutum ba ce, kuma idan shi mai goyon bayan ƙungiyar ƙwallo ta Kotoko ne, wasannin lig yawanci ƙarfe 3 ake take su. Ƙarfe 5 na yamma a Kumasi, wato 8 na dare a Konya, ya kauce wa duka, kuma akwai tazara kafin Magariba ta kira shi. Sau ɗaya a mako biyu ya isa. Ranar da ba za ka samu dama ba, ka sanar da shi tun kafin lokacin.

Ka tuna kuma kai kana kan intanet ɗin gidan kwanan ɗalibai, shi kuwa da sidinsa yake sayen data, ga dumso, wato ɗaukewar wutar lantarki, da kan bar waya ba caji. Ku yi kiran murya, ku bar bidiyo sai ranar Sallah. Bayan al'amura sun daidaita, sa masa ɗan data lokaci-lokaci ba laifi ba ne, don a lokacin ya zama abin da ke tsakanin abokai.

A cikin hirar ka daina nuna masa Konya ta hoto. Ka gaya masa ta gaskiya. Ka gaya masa ranar da ka shiga shago ka kasa faɗin abin da kake so har mai shagon ya gaji. Ka gaya masa alawus ɗin ba ya kai ƙarshen wata sai da dabara, kuma doka ba ta ba ɗalibin digirin farko damar aiki a shekararsa ta farko ba. Ka gaya masa kana kewar wake da shinkafa na safe da koko da ƙosai. Yaranmu da yawa a waje suna ɓoye wahalarsu don kada hankalin gida ya tashi. Wannan daidai ne ga uwa, amma amini idan ka ɓoye masa wahalarka ka cire shi daga amintaka, ka mai da shi ɗan kallo. Kuma ka nemi abin da yake hannunsa. A Turkiyya wayar da aka shigo da ita daga waje ana toshe ta daga layin ƙasar bayan kwana 120 idan ba a yi rajistar IMEI ɗinta ba, wato lambar shaidar wayar, kuɗin rajistar kuma mai nauyi ne. Ko ka riga ka fuskanci wannan ko kana gab da fuskanta, ga gwani kana da shi. Ka tambaye shi wace waya ce ta hannu ta fi ƙarko, me za ka duba kafin ka saya. Wanda ake neman shawararsa ba ya jin an bar shi a baya. Tambayoyinka game da shi ma su zama masu kama suna: wa ke riƙe da cefanen gida yanzu, yaya makarantar ƙannensa, shagon nasa ne ko har yanzu yana ƙarƙashin maigida. "Ya gida, ya aiki" amsarsa "lafiya lau" ce, daga nan sai shiru.

Hotuna kuwa ban ce ka daina ɗorawa ba, ba laifi ka yi da ka ga ƙanƙara ba. Amma wanda ya fi kyau ka fara tura masa shi kaɗai da ɗan bayani, kafin ya gan shi tare da jama'a. Idan kuma ka sake canja lamba, a WhatsApp akwai Change number a ƙarƙashin Settings sannan Account, yana mayar da komai kan sabuwar lambar, yana kuma iya sanar da mutanenka. Duk da haka shi ka gaya masa da bakinka.

Abu ɗaya nake gargaɗin ka a kai da ƙarfi. Kada nauyin da kake ji ya sa ka ce masa "zan jawo ka nan". Ba a hannunka yake ba. Tallafin nan ana buɗe neman sa ne a farkon shekara, daga Janairu zuwa Fabrairu, kuma mai neman digirin farko sai yana ƙasa da shekara 21. Idan shi da kansa ya ta da maganar kuma shekarunsa ba su wuce ba, ka taimaka masa da abin da ka sani: takardar bayanin kai, irin tambayoyin da aka yi maka a ganawa, takardun da ake ɗorawa. Idan bai ta da ba, ka bar ta. Mai yiwuwa yanzu da uba ya kwanta dama, shi ne ginshiƙin gida, tafiya ba ta cikin lissafinsa, kuma yawan kawo maganar zai nuna masa kana ganin zamansa a Kumasi faɗuwa ce.

Ka shirya wa amsar da ba ta yi maka daɗi ba. Idan ya zazzage maka faɗa, har ya tono abin da ka manta, wannan ce amsa mafi kyau, ka saurara har ya gama kada ka kare kanka. Idan ya rubuto "ba komai, ya wuce" a taƙaice, bai wuce ba tukuna, ladabi ne kawai. Ka gode masa, ka kira mahaifiyarsa, ka tura mutanenka addu'ar arba'in, ka sake neman sa ranar Lahadi. Za ka gane ya fara sauka ranar da ya tsokane ka, ko ya kira ka da sunan da yake kiran ka tun kuna yara, ko ya ba ka labarin unguwa ba ka tambaya ba. Idan kuwa ya saurara ya yi shiru, kada ka bi shi da saƙo a kan saƙo, kada kuma ka kai ƙararsa gurup ko ka ɗora habaici a sitatus. Ka karɓi lambar Mma daga gidanku ka yi mata ta'aziyyar, don wannan haƙƙinta ne ko ɗanta ya amsa ko bai amsa ba. Shi kuma ka ba shi mako guda, sannan ka aika masa da gajeriyar gaisuwar Juma'a da muryarka. Idan arba'in ta wuce da makonni har yanzu bai ce uffan ba, ka nemi mutum ɗaya da kuke jin nauyinsa ku biyu, malaminku na allo ko babban yaya a bes, ka gaya masa laifinka yadda ka gaya mini, ka roƙe shi ya same shi a keɓe.